Kowace Dabba, Kowace Shekara: Jawabi Ga Ƙungiyar Manoma Ta Kekun Waje

  Magana ɗaya ce ta kawo mu yau. Muna roƙon ƙungiyar nan ta sa doka a kan kanta, cewa kowace dabba ta kowane ɗan ƙungiya za a yi mata allurar rigakafi, kuma kowace shekara. Ba rabin garke ba, ba kuwa sai shekarar da aka ji ciwo ya shigo Tsafe ko Bunguɗu ba. Mun san akwai masu cewa an yi bara, me ya sa za a sāke bana. Tambaya ce mai kyau, ita ce kuma za mu amsa.

Bari mu fara da ciwon bushiya, gama dattawan da ke zaune a nan sun gan shi da idonsu, samari kuwa sai labari. Ciwon ya shigo Afirka ta gabas a 1887, cikin 'yan shekaru ya iso ƙasar Hausa, a wurare da yawa ya kashe shanu tara cikin goma. Daga nan ya riƙa dawowa, yana ɗauka yana tafiya. Wajen 1960 wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, da yake aiki a Kenya, ya samo allura mai kyau ƙwarai, wadda in an yi wa saniya sau ɗaya ta tsira har ƙarshen ranta. A 1962 aka fara babban shirin allura na haɗin gwiwa, wanda ake kira JP15, a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Aka bi garke garke shekara uku a jere, ana allura ana huda kunne don a san wadda aka yi wa. Ciwon ya kwanta, har mutane suka ɗauka ya mutu.

To, ga inda aka yi sake. Da shirin ya ƙare, aikin da ya rage shi ne a riƙa yi wa 'yan maruƙan da ake haifa kowace shekara. Ba a riƙe wannan aiki da ƙarfi ba. Kuɗi ya yi ƙaranci, motoci suka lalace, makiyaya ma suka daina kawowa tun da ba su ƙara ganin mutuwa ba. Tsofaffin shanu masu hudadden kunne aka sayar, aka yanka, waɗansu suka mutu don tsufa. Cikin shekara goma garke ya zama sabo, kusan duk ba mai allura. A 1980 bushiya ta ɓullo a Jihar Sakkwato, wadda a lokacin Gusau da Bunguɗu da Tsafe duk cikinta suke. A 1983 ta shigo ta Barno da ƙarfi, ta share shanu dubbai bisa dubbai a ƙasar nan, gidaje da yawa ba su sāke tashi ba. Sai da aka koma allura shekara bayan shekara, ƙasa da ƙasa, ba fashi, sa'an nan aka ga bayanta. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya duka.

Ku lura, allurar bushiya ba ta taɓa kasawa ba. Ta fi duk wadda muke da ita yau ƙarfi. Amma ko ita ba ta iya tsare garken da ke canjawa kowace shekara ba, sai da aka bi ta da allurar sababbi. Balle wadda ƙarfinta ma shekara ɗaya ne.

Wannan ya kawo mu ga ciwon da ya fi kusa da shanunmu yanzu, watau ciwon huhu. Shi ba ya zuwa da gaggawa irin ta bushiya, shi ya sa ake raina shi. Ta numfashi yake bi. Saniya mai ciwo ta yi tari kusa da mai lafiya, a turke ɗaya, ko a mashaya, ko a kara, shi ke nan. Wadda ta ɗauka tana iya yin mako uku, tana iya yin wata uku ko fiye, ba ta nuna kome ba. In ya bayyana za ku ga sa ya ware daga 'yan'uwansa, ya nemi inuwa, ya bar tuƙa. Yana tsayawa ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, yana nishi. In kun kora shi ya ɗan yi gudu sai tari ya kama shi, in kun danna haƙarƙarinsa sai ya zabura don zafi. Mahauta sun fi kowa saninsa. In sun feɗe sukan tarar da ruwa mai ruwan ɗorawa cike da ƙirji, huhu ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri kamar hanta, in an yanka shi yana da zane zane, kuma sau da yawa gefe ɗaya ne ya lalace.

Amma ba wadda ta faɗi ce ta fi ba mu tsoro ba. Wadda ta tashi ce. Saniya tana iya warkewa a ido, ta ci, ta yi ƙiba, alhali a cikin huhunta akwai wani ƙulli da jiki ya kewaye, ƙwayar ciwon tana nan da rai a ciki wata da watanni. Ran da wahala ta same ta, yunwar bazara ko doguwar tafiya ko aikin huɗa, ƙullin yana iya buɗewa ta shiga rarraba ciwo. Irin wannan ce mai ita yakan kai kasuwa da sauri tun tana da kyan gani. Mu kuwa mu saya da murna, mu ɗaure ta kusa da shanun huɗarmu. Ba wani dillali, kome gwanintarsa, da zai duba haƙori da fata ya gane abin da ke cikin huhu.

Allurar ciwon huhu ana yin ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924. Allura ce mai amfani, amma za mu faɗa muku iyakarta ba ɓoye-ɓoye, gama wanda aka yi wa alkawarin da ya wuce gaskiya shi ne yake fara juya baya. Iyaka ta farko, ƙarfinta ba ya wuce kamar shekara guda. Wadda aka yi wa bara, bana kusan daidai take da wadda ba a taɓa yi wa ba. Iyaka ta biyu, allurar farko ba ta kama kowace saniya. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna tana tsare kamar rabi ne, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci sama kaɗan. Sai an maimaita ne adadin yake hawa, ya kai takwas cikin goma ko fiye.

Bari mu yi lissafi da misali. Mu ɗauka shanun 'yan ƙungiyar nan 100 ne. Ranar allura aka kawo 60. Wani ya ce sansa yana gona, wani ya ce tasa lafiyarta lau, wani ya ɓoye biyu don kada a san yawan dukiyarsa. Cikin 60 ɗin nan, tun da allurar farko ce, mu ce 30 ta kama. Watau shanu 70 cikin 100 suna nan a buɗe. In ciwo ya shigo zai sami abin ci har ya ƙoshi, zai kuma taɓa waɗansu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar. Sai a ji ana cewa a dandali, ai wane ya yi allura, ga shi tasa ta mutu, allurar banza ce. Shekara mai zuwa maimakon 60 sai a kawo 20.

Yanzu mu juya lissafin. An kawo duka 100 bana, 50 sun kamu. Baɗi aka sāke kawo su duka, waɗanda suka sha sau biyu yawancinsu sun kamu, adadin ya haura 80. A irin wannan garke, in an shigo da saniya mai ƙulli ta yi tari, yawancin waɗanda ke kewaye da ita ba za su ɗauka ba. Ko ɗaya ta ɗauka, da wuya ta sami ta gaba da za ta miƙa wa. Kamar gobarar daji ce da ta iso inda aka riga aka share ciyawa. A nan ne har ɗan maraƙin da bai isa allura ba, da saniyar da allurar ba ta kama ba, suke samun tsira ta dalilin maƙwabtansu. Shi ya sa muka ce allurar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Wanda ya bar nasa biyu a gida ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya buɗe ƙofa ce a katangar gari.

Mun kuma san halin da ƙasarmu take ciki. Shekaru da yawa ke nan satar shanu ta addabi Zamfara, waɗansunku garke guda aka kore musu, abin da ya rage bai wuce bijimai biyu na huɗa ba. Wani zai ce, wanda ɓarawo ya hana barci ina ruwansa da allura. Mu a ganinmu wannan hali ƙara wajabta ta ya yi. Dabbobi sun cuɗanya fiye da dā. Mutane sun taso daga ƙauyuka da abin da suka tsira da shi, an haɗa su turke ɗaya a gidajen 'yan'uwa. Waɗanda aka ƙwato sun zauna cikin garken da ba wanda ya san lafiyarsa. Mai shanu hamsin in ya rasa biyu zai yi baƙin ciki. Mai biyu in ya rasa ɗaya a watan Yuni, gonarsa ce ta kwana, da kuɗin huɗar da yake samu a gonakin mutane, da amalanken da ke kai masa taki. Ba za mu faɗi farashi ba don kullum canjawa yake yi, amma kowa ya auna kuɗin allurar sa ɗaya da kuɗin sa ɗaya a kasuwar Gusau, ya ga ko akwai abin gwadawa.

Iyayenmu mata, yanzu maganar taku ce, gama awaki da tumaki yawanci naku ne, kuma su ake mantawa ranar allura. Kun san ciwon nan na mura da zawo da yake share awaki, ya fi yawa da sanyin hunturu da farkon damina. Akuya ta yi zazzaɓi, ido da hanci su cika da majina har su manne, baki ya yi gyambo yana wari, bayan kwana biyu ko uku zawo ya ɓarke, sai tari, sai mutuwa cikin mako guda ko kwana goma. Ɗan'uwan bushiya ne, a jikin kwalbar allurarsa za ku ga an rubuta PPR. Allurarsa mai ƙarfi ce, daga ƙwayar ciwon da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi ta, ana amfani da ita a ƙasashe da yawa. Sau ɗaya tana tsare akuya shekara uku ko fiye, ana iya yi wa mai ciki. A 2015, a taron Abijan, ƙasashen duniya suka ɗauki niyyar kawar da ciwon nan kafin 2030, kamar yadda aka kawar da bushiya.

To, in tana kai shekara uku, me ya sa muke cewa kowace shekara? Ku ƙirga awakin gidanku, ku tuna nawa ne suke nan tun bara. An yanka na suna, an sayar da na kuɗin makaranta da na kayan ɗaki, ragunan Babbar Salla sun tafi, an haifi 'ya'ya, an sayo na turka. Garken awaki ya fi na shanu saurin canjawa nesa ba kusa ba. Mu ɗauka cikin kowane 100 sababbi 30 ne suke shigowa a shekara. Bana duka an yi musu. Baɗi 70 ne masu allura. Shekara ta uku ba su kai 50 sosai ba, ciwo kuwa ya sami hanya. Abin da ya faru da bushiya cikin shekara goma, a awaki shekara biyu ya ishe shi. Ɗan akuya yana samun kariya daga nonon farko na uwarsa in an yi mata allura, amma wajen wata uku zuwa huɗu wannan kariya ta ƙare, daga nan sai tasa. Tun da awakinmu ba su da shaida a kunne, kuma maimaitawa ba ta cutar da su, hanya mafi sauƙi ita ce a kawo duka, kada a tsaya gardamar wacce aka yi wa bara.

Akwai kuma ciwon saifa da harbin daji, waɗanda ƙwayarsu a ƙasa take kwana shekaru masu yawa. Allurarsu ma ta shekara shekara ce, an fi so a yi kafin ruwa ya sauka. Ciwon saifa yana kama mutum. A Yulin 2023 an tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja. In dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a ci, kada a taɓa fatar. A kira malamin dabbobi.

Sauran magana ita ce yadda za a yi aikin ya yi kyau, gama allurar da aka yi ba daidai ba ta fi rashin yi ɓarna, tana sa mutum ya saki jiki. Allurar huhu da ta awaki abu mai rai ne, gari ne busasshe a cikin 'yar kwalba. Zafi yana kashe shi. Tilas ya zo cikin akwatin sanyi da ƙanƙara tun daga inda aka ɗauko shi har gindin itacen da za a yi aikin. In an dama shi da ruwansa, rayuwarsa ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Kwalba guda ta dabba 50 ce ko 100. Kun ga dalilin da ya sa mutum ɗaya mai awaki shida ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba, kun kuma ga amfanin ƙungiya. In dabbobi suna tahowa ɗaya ɗaya daga hantsi har azahar, waɗanda suka zo ƙarshe ruwa kawai aka tsira musu. Sai a tara su tukuna da sassafe, a ƙirga, sa'an nan a buɗe kwalba. Wanda kuwa ya zo muku da allura a aljihu ko a jakar babur, cikin rana, ba ƙanƙara, ko ya ce ragowar ta jiya ce, ku sallame shi da girma.

Kada a haɗa allurar huhu ko ta saifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin taramasin da muke saye a kasuwa, gama maganin yana kashe allurar kafin ta yi aiki. Wanda ya ba dabbarsa irin wannan magani kwanan nan ya faɗa wa malamin. Taramasin ɗin ma, in an dirka wa mai ciwon huhu ba bisa ƙa'ida ba, yakan kwantar da tari ne kurum, mai ita ya ɗauka ta warke, ta koma cikin garke da ciwonta. Bayan allurar huhu kuma a riƙa duban inda aka soka har mako uku. Ɗan kumburi ba kome ba ne. Amma a 'yan kaɗan, musamman masu shan ta farko, kumburin yakan yi zafi ya yi ta faɗi. Wannan yana da magani in an kira malamin da wuri, a nan ne maganin ƙwayoyin cuta yake da wurinsa. Kada a ɓoye, kada a yi ƙona da wuta. Kariyar kanta ba ta kankama sai bayan mako biyu zuwa uku, saboda haka wadda ta riga ta ɗauki ciwo kafin ranar allura za ta iya nuna shi daga baya, ba allurar ce ta sa mata ba.

Da muka ce kowace dabba, akwai waɗanda malamin zai ce a dakata musu, watau marar lafiya a ranar, da ɗan maraƙin da bai isa ba, da ɗan akuyan da bai kai wata uku ba. Dakatawa ce, ba yafewa ba. A rubuta su, a sa ranar da zai komo domin su. Dabbar da aka sayo daga kasuwa kuwa a ɗaure ta dabam, da kwanon ruwanta dabam. Mako uku ya isa a gane akuya ko tunkiya. Saniya tana bukatar fiye da haka, a kuma yi mata allura kafin ta shiga cikin sauran.

Game da ƙidaya, mun san tsoron ya samo asali tun zamanin jangali, yanzu kuma an ƙara da tsoron kada labari ya kai kunnen ɓarayi. Tsoro ne mai dalili. Shawararmu ita ce littafin ya zauna a hannun magatakarda da ma'aji kaɗai, abin da za a kai ofishin dabbobi jimla ce, shanu kaza, awaki da tumaki kaza, ba sunan kowa.

Ga abin da muke roƙo a zartar kafin a tashi. Allurar huhu da ta awaki a yi su yanzu bayan girbi, cikin Nuwamba ko farkon Disamba, lokacin da shanun huɗa suke hutu, kafin sanyi ya yi ƙarfi, kuma daidai lokacin da garkunan Fulani suke shigowa cin kara a gonakinmu. A aika wa Arɗo da ranar, gama mashayarmu ɗaya da su, ƙara yawan dabbobi kuma yana cika kwalba. Ta saifa da harbin daji a sa ta cikin Afrilu. Kowane ɗan ƙungiya ya ba da nasa kuɗin tun yanzu da hatsi yake hannu, ko da an ce gwamnati ta ba da allurar kyauta, domin ƙanƙara da man babur da igiya ba kyauta ba ne. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su tafi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a Bunguɗu cikin makon nan da jimlar a hannu, su karɓo rana. Samari kuma su kafa shingen itace mai ƙarfi inda za a riƙa shigar da shanu ɗaya bayan ɗaya, a kafa shi a inuwa.